Yadda ake gyara takardar sanar da iyaye ƙarin kuɗin makaranta

"Malam, shugaban makaranta ya ba ni takardar da za a aika wa iyaye, ya ce in gyara ta ta yi laushi. Ga abin da ke ciki: 'Ana sanar da dukkan iyaye cewa saboda halin da ake ciki, hukumar makaranta ta yi ɗan gyara ga kuɗin makaranta da kashi 10 cikin 100 daga zango mai zuwa. Duk ɗalibin da bai biya ba, ba zai shiga aji ba.' Na ƙara gaisuwa da ban haƙuri, amma har yanzu ba ta yi mini ba. Ta ina zan kama?"

Yarona, ajiye gaisuwar tukuna, ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Ɗauki takardar ka tafi ofishin ma'aji, ka ce ya buɗe maka jadawalin kuɗin da hukumar gudanarwa ta amince da shi, tsoho da sabo, aji-aji. Kafin ka taɓa ko kalma ɗaya, sai ka riƙe abu huɗu a hannu: nawa ake biya da, nawa za a biya yanzu, nawa ne bambancin, kuma daga wace rana. Uban da ya buɗe takardar nan abin da idonsa ke nema ke nan, kuma babu ko ɗaya a cikin rubutun da aka ba ka. Komai laushin da ka zuba a kai, zai gama karantawa bai san nawa zai nemo ba.

Bari mu sa lamba don ka ga inda ake faɗawa rami. Mu ɗauka a aji ɗaya kuɗin karatu 30,000 ne a zango, aka mayar da shi 33,000. Kuɗin littattafai da kayan aiki 6,000 ne, ya koma 9,000. Kuɗin jarrabawa 4,000 ne, ba a taɓa shi ba. Idan ka haɗa, da ana biyan 40,000, yanzu 46,000, bambanci 6,000. To raba 6,000 ɗin nan da tsohon jimla, wato 40,000, za ka samu kashi 15 cikin 100. Kashi 10 da shugaban makaranta ya rubuta ba ƙarya ya yi ba, amma na kuɗin karatu ne kaɗai. Uba kuwa ba kuɗin karatu kaɗai yake biya ba, jimla yake biya. Ranar da ya karɓi takardar biya ya ga 46,000 alhali ya yi lissafin 44,000, zai ce an rufe shi ne, kuma duk bayanin da za a yi masa bayan nan ba zai shiga ba. Akwai wani kuskuren da akawu kan yi ba da gangan ba, shi ne raba bambancin da sabon jimla. Idan ka raba 6,000 da 46,000 za ka samu kusan kashi 13, lamba mai daɗin ji amma ba daidai ba. Kullum da tsohon kuɗi ake rabawa.

A ganina ma kada ka jingina takardar a kan kashi cikin ɗari. Mutane da yawa ba sa juya shi ya zama kuɗi a kai. Rubuta kuɗin kansa, sannan idan kana so ka biyo shi da kashin. Ka kuma faɗi ko na zango ne ko na shekara, ko na yaro ɗaya ne. Ƙarin 6,000 a zango, a makarantar da ke yin zango uku, 18,000 ne a shekara, mai 'ya'ya uku kuma 54,000 ne ya hau kansa. Ka tuna da wannan mutumin lokacin da hannunka ya kai ga kalmar "ɗan gyara". Goge ta. Ƙari ne, ka ce ƙari. Wanda kuɗin ya yi wa nauyi, idan ya ga an kira shi "ɗan", raini yake gani, ba lallashi ba.

Sai dalili, kuma nan ne aikin ya fi wuya, domin ba kai ke da amsar ba. "Halin da ake ciki" ba dalili ba ne, su ma iyayen a cikin halin suke. Koma wurin shugaban makaranta ka tambaye shi cikin ladabi: 3,000 da aka ƙara a kuɗin karatu ina za su tafi, 3,000 na littattafai kuma me ya jawo su? Idan ya ce na farko albashin malamai ne, na biyu kuwa saboda makaranta za ta riƙa ba kowane ɗalibi littattafan aiki da a da iyaye ke saya da kansu, to ka samu abin rubutawa, har ma ka samu labari mai sanyaya rai, tunda wani kashe kuɗin ya sauka daga kan iyaye. Dalili biyu ko uku sun isa, kowanne a ɗaure da lambarsa, kuma idan an haɗa su su ba da 6,000 cif. Idan dalilan sun tsaya a 4,500, mai karatu zai tambayi ina sauran 1,500, kuma yana da gaskiya.

Kada ka ƙirƙiro dalili don takarda ta yi kyau, kada kuma ka rubuta alkawarin da ba a ba ka a rubuce ba. "Ba za a sake ƙari ba nan kusa" jimla ce mai daɗi, amma iyaye suna ajiye takarda, kuma baɗi za su fito da ita. Haka nan kada ka ce an tuntuɓi ƙungiyar iyaye da malamai sai ka ga bayanin taron da ranarsa. Idan sanar da su kawai aka yi, ka ce an sanar da su. Tsakanin "an tuntuɓa" da "an sanar" akwai tazara, kuma waɗanda suka halarci taron sun san wanne aka yi.

Yanzu ga jimlar ƙarshe, ta hana yaro shiga aji. Ba aikinka ba ne ka soke ƙa'idar makaranta, amma wurinta ba nan ba ne. Takardar za ta shiga kowane gida, kuma akasarin gidajen nan ba su taɓa yin lattin biya ba. Ka yi musu barazana ke nan kan laifin da ba su yi ba, ga shi kuma sau da yawa yaron ne zai ɗauko takardar, ya karanta a hanya. Abin da ya dace a wurin shi ne hanyar fita ga wanda abin ya yi wa nauyi: ana iya biya kashi biyu ko a'a, akwai rangwame ga masu yara fiye da ɗaya ko babu, wa za a gani, a wane lokaci. Idan shugaba ya dage sai an ambaci hukuncin rashin biya, a mayar da shi jimla ɗaya mai nuni ga ƙa'idar da iyaye suka riga suka sa wa hannu, ba tare da ambaton yaro ba. Masu bashi kuwa takardarsu daban, a rufe, da sunan kowa.

Ga yadda jikin takardar zai iya fitowa, bisa lissafin da muka yi:

"Zuwa ga iyaye da masu kula da ɗalibai. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa daga zango na biyu, wanda zai fara ranar 12 ga Janairu, kuɗin makaranta na kowane ɗalibi a aji ɗaya zai tashi daga 40,000 zuwa 46,000 a zango. Ƙarin 6,000 ke nan, wato kashi 15 cikin 100.

Kuɗin karatu ya tashi daga 30,000 zuwa 33,000, domin ƙarin albashin malamai. Kuɗin littattafai da kayan aiki ya tashi daga 6,000 zuwa 9,000, domin daga yanzu makaranta ce za ta ba kowane ɗalibi littattafan aikinsa, ba sai kun saya ba. Kuɗin jarrabawa yana nan a 4,000.

Mun san wannan ƙari nauyi ne a kanku. Wanda ya ga dama zai iya biya kashi biyu: 23,000 zuwa ranar 12 ga Janairu, sauran 23,000 zuwa ranar 23 ga Fabrairu. Duk mai tambaya, ko mai son tattauna yadda zai biya, yana iya ganin ma'aji a ranakun aiki daga ƙarfe 9 zuwa 12 na rana, kuma maganar za ta tsaya tsakaninsa da ofis. Mun gode da amanar 'ya'yanku da kuka ba mu."

Lura da kalmomin da suka sauya. "Ana sanar da" ta koma "muna sanar da ku", don a san akwai mai magana kuma akwai wanda ake yi wa. Amincewa da nauyin ƙarin jimla ɗaya ce tak, kuma nan take sauƙin biya ya biyo ta. Ban haƙuri idan ya kai sau uku sai ya fara kama da na wanda bai yarda da abin da yake faɗa ba. Na kuma sa "masu kula da ɗalibai" domin ba kowane yaro ne ke hannun mahaifansa ba. Idan kuɗin ya bambanta daga aji zuwa aji, kada ka cusa su cikin jimloli, yi ƙaramin jadawali mai layi huɗu a tsaye: aji, tsohon kuɗi, sabon kuɗi, bambanci. Duka takardar kada ta wuce shafi ɗaya, domin wasu hotonta za a tura musu a waya, kuma shafi na biyu shi ne ke ɓacewa.

Lokacin fitar da ita ma ɓangare ne na ladabin. Duba yarjejeniyar da iyaye suka sa wa hannu ranar ɗaukar ɗalibi, da dokar hukumar ilimi da ke kula da makarantar, ko sun gindaya wa'adin sanarwa kafin ƙari. Idan babu, ka ba shugaba shawarar a fitar da ita zango guda kafin ƙarin ya fara aiki. Takardar da aka saka a jakar yaro ranar tashi hutu, alhali ofis zai rufe, ta bar mutane da tambaya babu mai amsawa, kuma kafin a dawo jita-jita ta ninka lambar.

Kafin a buga da yawa, ka kai wa ma'aji ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da jadawalinsa ya sa hannu a kwafin ofis, domin sifili ɗaya da ya faɗi zai sa a sake fitar da takarda ta biyu. Ka rubuta wata da sunansa, ba da lamba ba, saboda 12/1 wani zai karanta 12 ga Janairu, wani 1 ga Disamba. Sannan ka miƙa ta ga wani ma'aikaci da bai san zancen ba, ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar ka tambaye shi nawa zai biya, yaushe, me ya sa, kuma wa zai gani idan ba shi da hali. Duk tambayar da ya yi jim kafin ya amsa, jimlar da ke ɗauke da ita ce za ka koma ka gyara. Bayan nan sai ka kai wa shugaban makaranta tare da tsohon rubutunsa da lissafin kashi 15 a gefe, don ya ga dalilin da ya sa ka sauya lambarsa kafin ya sa hannu da hatimi.