Bashin banki don sarin albasa: kuɗin ruwa, jingina da tarar jinkiri

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Ramin Kura, nan Sakkwato. Nakan sari albasa a Wurno da Goronyo lokacin da ta yi araha, in ajiye a rudu har ta yi daraja. Wani ƙaramin banki ya yarda ya ba ni rancen naira 1,200,000 na wata 12. Takardar ta ce ruwa 4 cikin ɗari ne kowane wata, zan riƙa biyan naira 148,000 duk wata, kuma za su cire 3 cikin ɗari kuɗin hidima tun farko. Zan ba da takardar gidana jingina, ƙanena ya tsaya mini. In na yi jinkiri akwai tarar 5 cikin ɗari na abin da ban biya ba, in na tsallake wata biyu za su nemi sauran kuɗin gaba ɗaya, in na kasa gidan ya zama nasu. Ma'aikacinsu ya ce wanga ruwa kaɗan ne, ladan hidima ne kawai. Ban sa hannu ba tukuna. Mi shari'a ta ce?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin alƙalami ya taɓa takarda. Sau da yawa sai an zo karɓar gida ake tunawa da malamai. Hukuncin a taƙaice shi ne: bai halatta ka sa hannu a wannan yarjejeniya yadda take ba. Amma ba dukkan sharuɗɗanta ne ɓatattu ba, don haka bari mu bi su a hankali ka gane inda cutar take.

Mu fara da ruwan. Rance a shari'a taimako ne: ka karɓi dubu ka mayar da dubu. Duk ƙarin da aka gindaya a kansa tun wurin ƙullawa riba ce, ko da wane suna aka kira shi, kuma malaman mazhabobi huɗu ba su saɓa a kan haka ba. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, Ya halatta ciniki Ya haramta riba. A aya ta 279 kuma Ya ce wa waɗanda suka tuba uwar dukiyarsu kawai ke gare su, ba su yi zalunci ba, ba a kuma zalunce su ba. Kada ka ce ai kai bayarwa za ka yi, ba ci ba. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu a cikin tsinuwa guda. Ka ga har ƙanenka da za ka jawo abin ya shafe shi.

Maganar cewa ruwan kaɗan ne, ƙanƙantarsa ba ta halatta shi, sannan ma ba kaɗan ba ne. Ɗauko alƙalami mu lissafa. Naira 148,000 ɗin nan kashi biyu ce: 100,000 daga uwar kuɗi, 48,000 ruwa. A wata 12 za ka biya 1,776,000, wato ruwa kaɗai ya ci 576,000. Abin da ma'aikacin bai bayyana maka ba shi ne, ana lissafa 4 cikin ɗarin a kan cikakkiyar 1,200,000 har ƙarshe, alhali bashin raguwa yake yi duk wata. A watan ƙarshe naira 100,000 kaɗai ta rage a wuyanka, amma 48,000 za ka biya a kanta. Da a kan abin da ya saura ake lissafi, jimillar ruwan 312,000 ce. Bambancin 264,000 ya ɓuya a cikin salon lissafi kawai. Na kawo wannan don ka iya karanta takarda, amma duka lissafin biyu riba ne.

Kuɗin hidima da ake cirewa tun farko kuwa, 36,000 ke nan, don haka 1,164,000 za ta shigo hannunka. Malamai sun yi sauƙi a kan ainihin abin da aka kashe wurin rubutu, rajista da zuwa duba kadara. Amma kuɗin da ke hawa da sauka gwargwadon girman rancen ya wuce kuɗin takarda, domin wahalar rubuta bashin miliyan ɗaya ba ta ninka ta rubuta na rabin miliyan ba.

Biya kashi-kashi a lokuta sanannu ba laifi a cikinsa, aya ta 282 ma umurni ta yi da a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce. Damuwata a nan ta sana'arka ce. Kai da ka fi ni sani, albasar da aka sara a ƙarshen rani takan yi watanni a rudu kafin farashi ya tashi, kuma tana kwance tana rage nauyi, wata ta ruɓe, wata ta tsira. Banki kuwa bayan kwana talatin zai buga maka waya. Daga ina 148,000 ta farko za ta fito? Ko dai ka fasa rudu ka sayar da araha, ko ka biya su daga cikin kuɗin da suka ranta maka. Ko da a ciniki na halal ne, kada ka karɓi jadawalin da bai dace da lokacin da kuɗi ke shigo maka ba.

Jingina halal ce. Aya ta 283 ta ambace ta, kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Abin da bai inganta ba shi ne sharaɗin cewa in ka kasa biya gidan ya zama nasu. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana a rufe jingina, Imamu Malik kuma ya fassara shi da ainihin irin lamarinka: mutum ya jinginar da abin da ya fi bashin daraja, a ce masa in bai kawo haƙƙin a kan lokaci ba abin ya zama na mai bin bashi. Malik ya ce wannan bai halatta ba. Hanyar shari'a ita ce a sayar da kadarar a kan farashin kasuwa, mai bin bashi ya ɗauki haƙƙinsa, a miƙa wa mai gida ragowar. In gidanka ya kai miliyan biyar, bashin da ya rage kuma 800,000 ne, sama da miliyan huɗu taka ce. Don haka a kowace takardar jingina ka nemi amsar waɗannan a rubuce: wa zai yi wa gidan kuɗi, sanarwar kwana nawa za a ba ka, kuma ina rarar za ta tafi. Ka kuma faɗa wa ƙanenka gaskiya cewa tsayawa ba shaida ba ce kawai. Mai lamuni mai biya ne, ranar da ka gaza ƙofarsa za a buga.

Yanzu ga wurin da ya fi ɗaga mini hankali, sharuɗɗan gazawa. Tarar 5 cikin ɗari a kan 148,000 naira 7,400 ce, kuma ita ce hoton ribar jahiliyya ba tare da wani lulluɓi ba. A wancan zamani in ajali ya cika mai bin bashi yakan ce: za ka biya ko za ka ƙara? Ƙarin kuɗi saboda ƙarin lokaci ke nan. Shari'a ta raba masu jinkiri gida biyu. Mai hali da ke ja da gangan azzalumi ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, kuma alƙali na iya tilasta shi. Wanda ya shiga ƙunci kuwa, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Takardarka ba ta san wannan bambanci ba, wanda albasarsa ta ruɓe da wanda ya ci kuɗin biki duk ɗaya suke a wurinta.

Sharaɗin neman sauran bashi gaba ɗaya in an tsallake biya, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1990 ta halatta shi a cinikin biya kashi-kashi in an yarda da shi tun farko, daga baya kuma ta bayyana cewa bai hau kan wanda ke cikin ƙunci ba. Amma dubi yadda zai kasance a taka takardar. A ce ka biya wata huɗu, 592,000 ke nan, sai ka tsallake na biyar da na shida. In abin da suke nufi da "sauran kuɗi" ya haɗa da ruwan watannin da ba su zo ba, za su nemi 148,000 sau takwas, wato 1,184,000, ban da tara. Ka biya kusan dubu ɗari shida, amma abin da ake bin ka ya fi abin da ka karɓa ranar farko. A nan ne gidaje ke tafiya. Ka duba kuma ko akwai izinin cire kuɗi daga sauran asusunka na wasu bankuna ta lambar BVN, domin Babban Bankin Najeriya ya ba da damar haka tun 2020 in mai rance ya sa hannu a kai.

Wataƙila wani ya ce maka lalura ce. Lalurar da ke halatta haram ita ce ta tsoron halaka, kamar yunwa mai kisa ko rashin lafiyar da ba wata hanyar magani. Ƙara yawan buhunan da za ka ajiye neman ƙarin arziki ne, abu mai kyau, amma bai kai wannan matsayi ba.

Mafita tana nan kusa. Ta farko ƙiradi ne, wanda littattafanmu na Malikiyya suka yi wa babi guda: wani mai hali ya ba ka jari, ka yi aikin, ku raba abin da aka samu a kan kason da kuka yanka, misali rabi da rabi. In an yi asara ba da sakacinka ba, shi ya rasa dukiya, kai ka rasa wahalarka, ba wanda ya taɓa gidanka. Ta biyu murabaha ce a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Ja'iz da ya fara aiki a 2012. Su za su sayi albasar ta zama mallakarsu, sannan su sayar maka, a ce sun saya 1,200,000 sun sayar maka 1,450,000 zuwa wata bakwai. Wannan ciniki ne, kuma farashin ba ya ƙaruwa ko ka yi jinkiri. Sai dai ka tabbatar kayan sun shiga hannunsu ko na wakilinsu kafin ku ƙulla, domin in kuɗi kawai aka tura maka aka sauya wa takarda suna, an koma gidan jiya. Za ka iya tarar da sharaɗin cewa mai jinkiri da gangan zai ba da wani abu sadaka. Wasu malaman zamani sun yarda da shi bisa wani ƙauli na Malikiyya, muddin kuɗin bai shiga aljihun bankin ba, wasu kuma sun hana. Ni ina ganin ana iya karɓarsa in an rubuta ƙarara cewa bai hau kan wanda ya shiga ƙunci ba.

Ka mayar musu da takardarsu cikin mutunci. Duk wata da za a kawo maka nan gaba, ka nemi kwafinta ka kwana da ita, a karanta maka da Hausa layi-layi a gaban ƙanenka, sannan ka kawo ta mu duba tare.

Allah ne Mafi sani.