Daga "sannu da ƙoƙari" zuwa takardar yabo

Tambaya: Ina da shagon sarin atamfa a Kantin Kwari, yarana tara. A zaurenmu na WhatsApp kullum ana ta "sannu da ƙoƙari", "Allah ya biya". Yaya zan mayar da irin wannan takardar yabo da za ta yi amfani in an zo ƙarin albashi?

Amsa: Alhaji, kada ka ɗauki saƙon ka gyara masa Hausa kawai. Saƙon alama ce cewa wani abu ya faru, kai kuma abin da ya farun za ka rubuta. Kira wanda ya turo shi ka tambaye shi: me aka yi, yaushe, da wa da wa, kuma me shago ya samu ko ya tsira daga gare shi?

A ce mai karɓar kuɗi ya rubuta wa mai kula da sito: "Kai, jiya ka fitar da mu kunya, Allah ya biya." Da ka bincika, sai ka ji mota ce ta kawo kaya, takarda ta ce dila 40, shi kuwa ya ƙirga 38, ya ƙi sa hannu har direba ya rubuta gibin. To ga yadda takardar za ta kasance:

"Malam Wane, mai kula da sito. Ranar kaza ga watan kaza ka ƙirga kayan da aka sauke kafin ka sa hannu, ka gano babu dila 2 cikin 40, ka sa direba ya rubuta hakan. Wannan ya sa asarar ba ta hau kan shago ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Sai kwanan wata, sa hannunka da hatimin shago. Addu'ar a bar ta, amma layi ɗaya ya isa. Yi kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya a fayil, cikin makon da abin ya faru.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne zuzutawa. "Ba mu taɓa samun mai amana kamarsa ba" magana ce mai daɗi a baki, amma a rubuce ta zama shaida. Ranar da kuka saɓa zai fito da ita gaban shugabannin kasuwa, sauran yaran takwas kuma sun ji abin da ka ce game da amanarsu. Yabi aikin, ka bar halin. Haka ma alkawari: kada ka rubuta "za mu duba albashinka" sai in ka riga ka yanke nawa da yaushe.

In mutum uku suka yi aikin, kowa a ba shi tasa da abin da ya yi. In kuwa kuskuren wani aka gyara, sunan mai kuskuren ba ya shiga, haka sunan kwastoma da farashin sari, domin wata rana takardar za ta je hannun wani ɗan kasuwar in yaron ya tafi neman aiki.