Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Dankalin Turawa da Ya Yi Kore Ko Ya Fara Tsiro

Tambaya: Likita, na sayi kwandon dankalin Turawa, bayan mako biyu sai na ga wasu sun yi kore, wasu sun fito da tsiro. Maƙwabciyata ta ce in fere kawai in dafa, wuta na kashe komai. Haka ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, maƙwabciyarki ta yi daidai a rabi, ta yi kuskure a rabin da ya fi haɗari. Ferewa na taimakawa, amma wuta ba ta kashe dafin da ke cikin irin wannan dankali.

Shi koren da kike gani ba shi ne gubar ba, launin ganye ne da dankali ke yi idan haske ya buge shi. Sai dai hasken da ya sa shi yin kore shi ne kuma ke sa shi tara wani dafi da ake kira solanin, wanda dankalin ke kare kansa da shi daga ƙwari. Wato koren alama ce. Dafin ya fi taruwa a ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa, da idanun dankalin, da tsiron kansa, da duk inda ya ƙuje ko fartanya ta sare shi. Tafasa ba ta lalata shi, turarawa ma haka. Ko suya a mai mai zafi sosai rage shi kawai take yi.

To ga yadda za ki yi. Ki juye kwandon a wuri mai haske, ki riƙa matsa kowanne da yatsa. Wanda yake da tauri, koren ɗan tabo ne a gefe ɗaya, tsiron kuma bai wuce ɗan tsinke ba, wannan ana iya cetonsa. Ki fere shi da kauri, ba kankarewa da bakin cokali ba. Inda ya yi kore ki ci gaba da yankewa har ki daina ganin koren, sannan ki ƙara yanke kamar kaurin kwali biyu na farin da ke ƙarƙashi. Kowane ido da ya tsiro ki sa tsinin wuƙa ki ƙwaƙule shi har gindinsa, don karya tsiron da hannu yana barin tushen a ciki.

Wanda kuma koren ya mamaye rabinsa, ko kika fere kika tarar har cikin naman ya yi kore, ko ya yi laushi ya yamushe da dogayen tsiro, ki zubar. Na san tsadar kaya, na san zubar da abinci na da ciwo, amma kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ya fi na 'yan ƙwayoyin nan. Bayan kin dafa, ki fara ɗanɗanawa kafin ki zuba wa yara. Idan kika ji ɗaci, ko wani zafi-zafi yana ƙaiƙayin maƙogwaro, tukunyar gaba ɗaya ta tashi daga aiki. Kada ki ƙara yaji ko dunƙule don ɓoye ɗacin.

Dalilin da nake nanata batun yara lissafi ne. Lafiyayyen dankali yawanci bai kai miligiram 100 na dafin a kilo ɗaya ba, kuma iyakar da aka amince da ita ita ce miligiram 200. Alamun guba suna iya bayyana idan mutum ya ci kamar miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Ɗauki yaro ɗan shekara uku mai kilo 15: miligiram 30 sun ishe shi. A ce dankalinki ya yi kore har dafin ya kai miligiram 300 a kilo, to giram 100 kacal, wato matsakaicin dankali guda, ya kai shi wannan iyaka. Mahaifinsa mai kilo 60 sai ya ci ninki huɗu. Shi ya sa za a ci faten dankali ɗaya, manya su tashi lafiya ƙalau, yaro ya kwana yana amai, a ce mayu ne ko shawara. An taɓa ganin irin wannan a wata makaranta a kudancin Landan, inda yara 78 suka kamu bayan an dafa musu tsohon dankalin da ya kwana a sito tun zangon karatun da ya gabata, 17 daga cikinsu sai da aka kwantar da su. Idan yaro ya fara amai bayan cin irin wannan dankali, a kai shi asibiti.

Tambaya: Dankalin Hausa ma idan ya yi tsiro guba ne?

Amsa: A'a. Suna kawai suka haɗa, ba dangi ɗaya ba ne, kuma ba ya yin solanin. Cire tsiron ka dafa. Wanda ya yi baƙin tabo, ya ruɓe ko yake ɗaci ne za ka zubar.

Tambaya: Ɗana ya ci soyayyen dankali mai ɗaci, ya yi ta amai da gudawa. Kakarsa ta ɗura masa manja da ruwan kanwa. Ya isa?

Amsa: Don Allah a daina wannan ɗure! Manja ba ya karya guba, madara ma haka, kanwa kuwa ƙara wa cikin da ke ciwo wahala take yi. Yaron da ke amai idan aka matse masa hanci aka ɗura masa mai, yana iya shaƙewa man ya gangara huhu, a koma jinyar abin da ya fi gubar dankalin muni. Haka kuma kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a je kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ba ƙwayar cuta ba ce.

Kafin a kai shi asibiti, abin da yake buƙata shi ne mayar da ruwan da ya rasa. A narka fakiti ɗaya na haɗin gishiri da sukari na kemis a adadin ruwa mai tsafta da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi cokali-cokali. In ya amayar, a jira minti 10 a ci gaba. Alamun sukan fara ne cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci har kwana guda bayan cin abincin. Idan aman ya ƙi tsayawa, ko yana yawan barci, ko ya rikice yana sambatu, ko ya kasa tsayuwa, ko fitsari ya ɗauke, ko numfashinsa ya canja, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. A gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya ci da lokacin da ya ci, a kuma duba sauran waɗanda suka ci tare da shi.

Tambaya: Ina da juna biyu, wata huɗu. Zan iya cin wanda aka fere koren?

Amsa: Ki haƙura da shi, ki zaɓi marar kore marar tsiro. Ke da ƙananan yara bana son a yi gwaji da ku. In kin riga kin ci kuma kika ji amai ko murɗar ciki, ki je asibiti.

Tambaya: Ina sarin dankali daga Bokkos da Mangu ina kasawa a bakin titi. Me zan yi ya daina yi min kore?

Amsa: Malam, rana ce ke cinye maka jari. Kwanaki kaɗan a haske sun isa, har da hasken ƙwan lantarki. Ka riƙa kasa iya abin da zai ƙare a wunin, a ƙarƙashin rumfa, sauran ka bar shi a buhun algarara a ɗaki mai duhu da sanyi da iska ke ratsawa, a kan katako. Leda na tara masa gumi ya ruɓe. Kada ka wanke shi kafin ajiya, kuma ka daina jefar da buhu daga saman mota, ƙujewa ma na ƙara dafin. Wanda ya riga ya yi kore ba ya komawa daidai ko ka mayar da shi duhu, saboda haka ka ware shi, kada ka karya farashi ka tura wa masu tuyar dankali a ƙofar makaranta.

Tambaya: Ɓawon da tsiron da na cire fa, in ba awaki?

Amsa: Kada ki ba su, nan ne dafin ya fi yawa. Ki binne ko ki zuba inda dabba da yara ba za su kai ba.