Of-amf ya rikice da aka jona masa dogon kebul

Tambaya: Malam, na haɗa TL072 a matsayin bafa, ƙafa ta 1 na ɗaure da ƙafa ta 2. A kan teburi lafiya lau yake aiki. Amma da na jona masa kebul mai mita 20 zuwa amfilifaya sai sauti ya dushe, aisin kuma ya riƙa ɗumi. Na canza aisi, bai daina ba. Ina matsalar take? Daga wani mai gyaran kayan sauti a Kano.

Amsa: Malam, aisinka ƙalau yake, kada ka ƙara sayen wani. Kebul ɗin ne ya zama kafasito a bakin mafitarsa. Kebul mai garkuwa yakan ɗauki wajen 100 pF a kowace mita, ka ga naka ya kai 2 nF ke nan, alhali da 100 pF masu ƙera TL072 suke gwada saurinsa a takardar bayanansa.

Of-amf, wato aisin ƙara ƙarfin sigina irin TL072 ɗinka, kullum yana amfani da ƙafa ta 2 wajen duba abin da ya fitar a ƙafa ta 1, yana gyara shi ya yi daidai da abin da ya shigo ta ƙafa ta 3. To amma a cikinsa, kafin mafita, akwai 'yar turjiya, mu ƙaddara om 100 don lissafi. Wannan turjiya da kafasiton kebul su ne suke haɗuwa su jinkirta siginar, kuma inda jinkirin yake fara cizo shi ne:

```
f = 1 / (2π × R × C)
```

Da om 100 da 2 nF za ka sami kusan 800 kHz. Shi kuwa TL072 ƙarfin ƙarinsa bai ƙare ba sai wajen 3 MHz. Wato yana da sauran ƙarfi a daidai inda labarin mafitarsa yake iso masa a makare. Kamar direba ne da sitiyarinsa ke da wasa: ya murza dama motar ba ta amsa ba, ya ƙara, sai ta wuce, ya dawo hagu, nan ma ta wuce. Dama can of-amf yana da jinkirin digiri 90 na kansa, kebul ya ƙara masa wajen 60, kuma in jimla ta kusanci 180 gyara ya koma zuga. Bafa irin naka shi ya fi kowane haɗi saurin faɗawa cikin wannan, domin duk abin da ya fita ne yake komawa, ba a rage komai ba.

Wannan kaɗawa tana can sama da 1 MHz, kunne ba ya jin ta, mitar hannu ma sau da yawa ba ta nuna ta. Abin da za ka gani shi ne ɗumin aisi da lalacewar sauti. In kana da osiloskof, ba shi sigina mai kusurwa huɗu, ƙarama, kamar 100 mV, ka dubi ƙafa ta 1 da kebul a jone. Za ka ga gefen siginar ya zarce ya yi ta rawa kafin ya zauna, ko kuma layin duka ya yi kauri. In zarcewar ta haura kashi 25 cikin ɗari, da'irar tana bakin gaɓa.

Maganin rezisto ɗaya ne, om 100, a jere tsakanin ƙafa ta 1 da kebul. Sai dai ka kula da inda ka ɗauki wayar komawa, don nan ne masu gyara da yawa suke yin tuntuɓe. Ƙafa ta 2 ta ci gaba da zama ɗaure da ƙafa ta 1 kai tsaye, reziston ya zo bayan wannan mahaɗa. In ka ɗauko komawar daga ɓangaren kebul, ka ƙara turjiya ne a kan ta ciki, rawar sai ta fi ta da.

Dalilin da ya sa yake aiki kuwa, a can sama inda kafasito ya zama kamar gajeriyar hanya zuwa ƙasa, of-amf ba ya ganin kafasiton kuma, rezisto yake gani, shi kuma rezisto ba ya jinkirta sigina. Da lissafinmu na ɗazu, ƙarin jinkirin nan na wajen digiri 60 zai sauko ƙasa da 20. Sautinka kuma ba zai taɓu ba, tunda tacewar da om 100 yake yi da kebul sai wajen 800 kHz take farawa, kunne kuwa iyakarsa 20 kHz.

Amma fa reziston yana cin nasa rabo. In mashigar amfilifayarka om 10,000 ce, kashi 1 cikin ɗari kawai za ka rasa, ba abin damuwa ba ne. In om 600 ce, asarar ta kai kashi 14, kuma of-amf ba zai cike ta ba tunda ba ya ganin bayan reziston. A irin wannan hali gwada om 47, ka sake duba zarcewar a osiloskof da kebul ɗin da za ka yi aiki da shi, ba guntun da ke kan teburi ba.