Muƙalar mujallar makaranta kan kafafen sada zumunta

"'Yan uwa, an ba mu tambaya irin ta WAEC, wai mu rubuta wa mujallar makaranta muƙala kan tasirin kafafen sada zumunta ga yadda ɗalibai ke karatu. Na cika shafi uku, amma 19 na samu cikin 50. Ina na kuskure?"

Ƙanwata, ni 17 na samu a jarrabawar gwaji lokacin da nake ajin ƙarshe a nan Gombe, kuma har yau ban manta ranar ba. Malamin Ingilishi ya ɗaga takardata a gaban aji, ya karanta sakin layi na farko da muryar mai wa'azi, 'yan aji suna ta dariya, sannan ya ce huɗuba na rubuta. Da ya kira ni gefe ya faɗa mini da ya fi, domin da kuka na isa gida Pantami. Amma duk da cin fuskar, gaskiya ya faɗa: na ƙare shafukana a kan lalacewar tarbiyya da 'yan damfara, alhali maganar karatu aka tambaye ni.

Ina zargin ramin da kika faɗa ke nan. Duk hujjar da za ki kawo, ki tabbata ta ƙare a kan littafi. Da na sake rubutawa, sai na ɗauki ɗalibar da ta zauna bayan sallar isha'i da niyyar bitar lissafi, ta buɗe WhatsApp domin ta kwafi aikin gida daga zauren ajinsu, ba ta farga ba sai ƙarfe ɗaya na dare tana kan TikTok, washegari kuma ta yi ta gyangyaɗi a darasin farko. Daga ita kaɗai na fitar da sakin layi uku: cinye lokacin bita, rarrabuwar hankali, da ƙarancin barci. Na ƙara guda kan amfani, kamar raba tsofaffin tambayoyi a zaure, tunda kalmar tasiri ta ƙunshi alheri da sharri.

Ki riƙa cewa "mu ɗalibai", domin 'yan uwanki ne masu karantawa. Kada ki sa adireshi ko gaisuwar wasiƙa. Take a sama, sunanki da ajinki, shi ke nan.

Shafi uku ma ya yi yawa, kalmomi 450 ake nema. Maki 10 ne na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki, wato kuskure 20 sun share goman kakaf. Ni kuwa, mai yi wa mutane faɗa kan waya, sau huɗu na rubuta "u" a madadin "you" a takardar nan. Ki ƙirga jan biron da ke taki, ki faɗa mana adadinsa.