Na sauya fuska a hoto, amma idon na kallon wani wuri daban

Tambaya: Malam, ina da shagon hoto a Agege, nan Legas. A wani hoton suna kowa na kallon liman, sai kawun jaririn ya ƙifta ido. Da yardarsa na ɗauko fuskarsa daga wani hoton na ɗora. Launi ya zauna daidai, amma shi kaɗai ke kallon kyamara. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka taɓa ido, fara da kai. Mutum ba ya gane inda wani ke kallo daga ido kaɗai, yana haɗawa ne da inda hanci da fuska suka dosa. Tun a 1824 wani masani Bature, William Wollaston, ya nuna haka da zane: idanu iri ɗaya, amma da aka juya fuskar da ke kewaye da su sai kallon ya koma wani gefe. Don haka koma cikin hotunan ranar, ka nemo wanda kansa ya juya kamar yadda yake a hoton da kake gyarawa. Alamar da zan ce ka duba ita ce kunne: in kunnen hagu ya fito sosai a hoton asali, to ya fito haka a wanda za ka ɗauko. In kan bai dace ba, duk wahalar da za ka yi a ido ta banza ce.

Sai ka gane inda ya kamata shi ya kalla. Kada ka kwaikwayi idon na kusa da shi, domin mutanen da ke kallon abu ɗaya ba sa juya ido daidai wa daida. Wanda ke ƙarshen sahu ya fi na tsakiya juyawa. Buɗe sabuwar leya, ka ja layi daga tsakanin idanun mutum uku zuwa inda suke kallo. Inda layukan suka haɗu, nan kawu zai duba.

Ga lissafin, kuma ba shi da wuya. Faɗin baƙin idon babban mutum kusan milimita 12 ne, kuma duk milimita ɗaya da ya gusa kusan digiri 5 ne na juyawar kallo. Mu ce liman na tsaye mita 2 gaban sahu, rabin mita ta hagun kawu. Wannan kusan digiri 15 ke nan, wato milimita 3, kwata na faɗin baƙin idon. Auna shi a hotonka da Ruler Tool. In ka sami fiksel 40, to fiksel 10 kawai za ka gusar. Yawancin masu gyara suna wuce haka nesa, shi ya sa mutum ke fitowa kamar mai harara.

A Photoshop, zagaye baƙin ido da Lasso Tool, ka danna Ctrl+J ya koma leyarsa. A ƙasa, cike gurbin da farin idon mutumin da kansa ta Clone Stamp Tool. Ban yarda da farin fenti ba ko kaɗan, domin farin ido na gaske yana da ɗan ja-ja da inuwar fatar ido a samansa. Gusar da baƙin idanun biyu gefe ɗaya, da adadi ɗaya, sannan ka goge abin da ya hau kan fatar ido, don ya zama yana ƙarƙashinta. Sai fa in abin da ake kallo yana kusa, kamar jariri a cinya. Nan idanun kan ɗan matso wajen hanci, fatar sama kuma ta sauko.

Abin da ya fi tona asirin gyara shi ne ɗan ɗigon hasken nan da ke ƙyalli a ido. Hoton fitila ne ko taga, don haka fitilar yake bi. Cire shi daban, ka duba idanun sauran mutane: in nasu na sama ta dama, nasa ma can zai zauna, da girma iri ɗaya. In ka bar na filas a tsakiyar ido alhali sauran na da hasken taga a gefe, mai kallo zai ji wani abu bai yi ba ko da bai san mene ne ba.

Akwai Eye Direction, wanda a da ake kira Gaze, a cikin Neural Filters, ƙarƙashin Smart Portrait. Yana taimakawa a ƙaramin gyara, amma yakan dusar da ido, sai ka zuƙo ka duba. Ko da hannu ma akwai iyaka: in juyawar ta haura digiri 20 ko makamancin haka, baƙin ido ya daina zama da'ira, fatar ido ma ta sauya, gara ka kira kawu ka sake ɗaukarsa yana kallon gefen da ake so, da haske daga ɓangare ɗaya da na ranar suna.

In ka gama, rage hoton zuwa girman allon waya, ka juya shi da Flip Canvas Horizontal, ka miƙa wa wanda bai san ka yi gyara ba. Tambaye shi kowa me yake kallo, kada ka nuna masa kawu.