Sitika shida, fuska ɗaya: yadda ake mayar da hoton mutum zanen katun na WhatsApp

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in yi wa yayana sitikokin katun na fuskarsa don zauren gidanmu na WhatsApp, ya kuma yarda. Na ɗauki hotunansa shida, yana dariya, yana fushi da sauransu, na sa su a manhajar da ke mayar da hoto katun. Kowanne ya fito kamar wani mutum daban, kuma idan na tura ba a gane fushin da mamakin. Yana sa tabarau da hula, yana da wushirya da ɗan gemu. Waya kawai gare ni. Ina na kuskure? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalar ta faro ne tun daga yawan hotunan. Manhaja tana sarrafa kowane hoto shi kaɗai, ba ta san mutum ɗaya ne a cikinsu ba. Wancan an ɗauka a rana, wannan a ɗaki, a ɗaya ya karkata kai, a ɗaya ya matso kusa da waya har hanci ya ƙara girma. Dole launin fata da faɗin fuska su yi ta canzawa. Masu wannan sana'a kai ɗaya tak suke zanawa, su ajiye shi, sannan su riƙa sauya gira, ido da baki a kansa. Sauran hotunan biyar kada ki goge su, za su yi miki amfani wajen duba yadda bakinsa yake idan ya yi dariya ko ya ɓata rai, amma ba a kansu za ki yi zane ba.

Zaɓi hoton da yake kallon kyamara sosai, fuska a sake, baki a rufe, haske daga gaba. Wanda aka ɗauka a inuwa da hantsi ya fi na tsakar rana, domin rana tana jefa baƙar inuwa ƙarƙashin hula ta cinye gira, alhali gira ce rabin aikinmu. Idan babu irin wannan, ki sake ɗauka: ki ja baya kamar taku biyu ko uku, ki riƙe wayar daidai tsayin idonsa.

Sai ki buɗe manhajar zane mai leya, wato shafuka masu shara-shara da ake ɗora wani kan wani. ibisPaint X tana aiki a waya kuma ta isa. Ki buɗe fili mai fiksel 1024 tsawo, 1024 faɗi, ninki biyu na girman da WhatsApp ke so, don layuka su yi santsi idan an rage. Ki sa hoton a leyar ƙasa, ki rage ƙarfinsa zuwa kamar kashi 40 cikin ɗari yadda zai dushe, sannan ki yi zane a leyar da ke samansa.

A nan ne ya kamata ki ba aikin lokaci. Kama ba ta zuwa daga bin kowane layi na fuska. Tana zuwa daga abu uku ko huɗu da mutane ke gane mutum da su tun daga nesa, kuma kin riga kin lissafa su da kanki: tabarau, hula, wushirya, gemu. Ki ƙara musu siffar kan, ko mai tsawo ne ko mai faɗin kumatu. Waɗannan za ki ɗan zuzuta. Idan tabaraunsa mai kusurwa huɗu ne, ki ƙara masa girma kaɗan da kaurin firam. Idan yana karya hularsa gefe, ki ƙara karyawar. Aikin zaren da ke jikin hular kuwa kada ki bi shi ɗinki-ɗinki. Launi biyu da zane mai sauƙi sun wadatar, sauran zai zama tabo ne kawai idan sitikar ta ƙanƙance. Hanci layi ɗaya ko biyu ne. Ƙananan layukan goshi da na gefen ido ki bar su, suna tsufar da mutum a katun. Kan ya cinye kamar kashi biyu cikin uku na filin, kafaɗa da wuyan riga su ɗan leƙo daga ƙasa.

Launin fata yana da tarko. Idan kika tsinko launi daga goshi inda haske ke ƙyalli, zai fito fari fat. Idan daga ƙarƙashin haɓa ne, zai yi duhun da baƙin layi zai ɓace a ciki. Ki tsinko daga kumatu, ki yi launi uku kacal: na asali, mai ɗan duhu don inuwar wuya da ƙasan hula, da mai ɗan haske a goshi da karan hanci. Ga mai duhun fata, ina ɗan ɗaga hasken launin asalin kaɗan yadda gira za ta fito, ba tare da na mayar da shi wani mutum ba. Gilashin tabarau ki bar shi fayau, babu ƙyalli, saboda ido ya samu wurin magana.

Yanzu ki raba aikin: leya ɗaya ta kai da hula da kunne da hanci, wadda ba za ki sake taɓawa ba; ɗaya ta ido; ɗaya ta gira; ɗaya ta baki da gemu; tabarau a can sama. Kowace sabuwar sitika, ki kwafi aikin ki sauya ukun tsakiya.

Abin da ya sa ba a bambanta fushin da mamakin a sitikokinki shi ne, a hoto na gaske tazarar da gira ke motsawa 'yar kaɗan ce, kuma sitika a fuskar waya ba ta wuce faɗin akwatin ashana ba. Abin da ya motsa kaɗan a fuska, a zane sai ya motsa ninki biyu ko uku. Ɗauki mamaki. Gira biyu su tashi sama a lanƙwashe har su fito saman firam ɗin tabarau, ido ya buɗe a ga fari kewaye da ƙwayar, ƙwayar ta ƙanƙance, baki ya zama zagaye mai tsawo. Abin da masu koyo ke mantawa shi ne haɓa: baki ba ya buɗewa muƙamuƙi na nan a wurinsa. Ki ja haɓar da gemun ƙasa, in ba haka ba zai yi kamar an manna masa baki. Shi ya sa na ce gemu ya zauna a leyar baki. Fushi kishiyar wannan ne: kan girar na ciki, wajen hanci, ya sauko ƙasa su kusa haɗewa, fatar ido ta sama ta yanke saman ƙwayar, baki ya zama gajeren layi mai lanƙwasa ƙasa. Idan kika juya girar, kan ciki ya tashi sama, na waje ya sauka, fushi ya koma tausayi ko damuwa nan take, ko da ba ki taɓa bakin ba. Ki gwada wannan da hannunki sau ɗaya, za ki fahimci aikin gira fiye da duk bayanina.

Dariya kuma a ido take. Idan baki ya washe ido na buɗe tar, murmushin ɗaukar hoto ne zai fito. A dariyar gaske kumatu na tashi su matse ido, don haka ki zana idon a matsayin lanƙwasassun layuka biyu, ki ɗaga kumatu har su taɓa ƙasan tabarau. Nan ne wushirya za ta yi aikinta: haƙoran sama farin fili ɗaya, da tsaga guda mai kauri a tsakiya. Kada ki zana haƙori ɗaya-ɗaya, yana ba da tsoro.

A ganina, jerin fuskokin da manhajoji ke kawowa bai dace da hirarmu ba. Ki duba zauren gidanku ki ga abin da ake yawan faɗa. Harara: ƙwayoyin ido su koma gefe ɗaya, fatar ido ta sauko rabi, kai a yadda yake. Tsaki: baki ya tsuke ya karkata gefe, ido a lumshe. Tagumi yana buƙatar hannu a kumatu, riƙe haɓa na mamaki ma haka, kuma hannu a katun dunƙule ne mai sauƙi, ba sai an fitar da kowace gaɓa ba. Da dariya, mamaki, harara, tagumi, tausayi da ɗaga hannu na addu'a, kin samu shida da za a yi ta amfani da su kullum. Tunda yayanki ne, ki nuna masa na hararar da na tsakin kafin su shiga zaure, domin sitika idan ta fita kowa na iya ajiye ta ya tura wani wuri, ba a kuma iya janyo ta.

Rubutu kalma ɗaya ko biyu ya isa: "To fa", "Madalla", "Tabɗijam". Ki duba salon haruffan kafin ki ci gaba, da yawa ba su da ɗ, ƙ da ɓ, sai su bar gurbi ko ɗan akwati. Idan haka ta faru, ki rubuta d ko k ki zana ƙugiyar da hannu.

Saura fitarwa. WhatsApp na son sitika mai fiksel 512 a 512, nau'in WebP, wadda nauyinta bai wuce kilobait 100 ba, kuma kunshi ɗaya yana ɗaukar sitika 3 zuwa 30. Ana ba da shawarar farin layi mai kaurin fiksel 8 kewaye da zanen, da tazarar fiksel 16 daga baki. A filinki na 1024 ki ninka: 16 da 32. Farin layin nan ba ado ba ne. Mutane da yawa wayarsu na kan baƙin bango, kuma baƙin gemu da hula mai duhu za su narke a ciki idan babu shi.

Ki ɓoye leyar hoton asali, ki adana a matsayin PNG marar bango, ba JPG ba. JPG ba ya riƙe shara-shara, shi ne ke sa sitika ta fito cikin farin akwati. Kada kuma ki tura wa kanki fayil ɗin a matsayin hoto ta WhatsApp, zai matse shi ya lalata bangon. Manhajojin haɗa kunshi irin su Sticker.ly za su rage girman su mayar da shi WebP da kansu. Idan wata rana kin samu kwamfuta, umarnin ke nan:

```
cwebp -q 80 -resize 512 512 dariya.png -o dariya.webp
```

Kafin ki haɗa kunshin, ki jera su shida a allo ɗaya, ki rufe rubutun, ki miƙa wayar nesa iya tsawon hannunki, ki tambayi wani a gida ya faɗi wane ne kuma me yake ji a kowace. Idan an gane shi amma an rikita fuskokin, ki ƙara tura gira da buɗa baki. Idan an gane fuskokin amma ba a gane shi ba, ki koma leyar kai da ta tabarau ki gyara siffar haɓa da tabarau, sannan ki kwafa su zuwa sauran biyar.